Yadda ake duba rahoto a tabbatar lambobin tebur da zane sun yi daidai da na cikin rubutu

Lamba ɗaya a rahoto tana iya fitowa a wuri biyar ko shida: cikin tebur, cikin zanen da aka yi daga teburin, cikin bayanin da ke ƙarƙashinsa, a taƙaitawar farkon rahoto, a babin kammalawa, wani lokacin har a taken teburin kansa. Matsalar ita ce ba rana ɗaya ake rubuta waɗannan wuraren ba. Tebur an yi shi watan jiya, zane an liƙa shi makon da ya wuce, taƙaitawa kuma sai daren da za a kai firintin aka rubuta ta ana gyangyaɗi ana jiran NEPA, to a tsakanin nan idan an taɓa bayanan asali ko da sau ɗaya ne, wani wurin zai canza wani ya tsaya a tsohuwar lamba. Karanta rahoton daga farko zuwa ƙarshe ba ya kama wannan, don ido yana bin ma'ana ne, in ka ga 44 a shafi na 3 sannan ka ga 42.5 a shafi na 41 ba za ka tuna ba. Sai an yi wa lambobin duba nasu daban.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, lambobin na misali ne kawai na tsara su don aikin ya fito fili. A ce ɗalibi ne a LASU ko Yabatech, manyan makarantun nan na Legas, ko sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ya yi bincike a kasuwar Mile 12 ta Legas kan yadda 'yan gwari da masu albasa ke karɓar kuɗi daga kwastoma. Ya raba takardar tambayoyi 250, aka dawo masa da 240. A tambayar hanyar karɓar kuɗi mutum 8 sun bar wurin fayau ba su cike ba, saura 232: tsabar kuɗi 102, taransfa 81, POS 49. Riƙe lambobin nan uku, 250 da 240 da 232, yawancin rikicin daga nan yake tasowa.

Kafin komai, tsayar da fayil ɗaya

Kar ka fara duba rahoton da har yanzu ana gyara shi. In sufabaiza ko shugaban ƙungiya bai gama kawo gyaransa ba ka jira, in ba haka ba aikin banza za ka yi. Ka zaɓi fayil ɗaya na rahoton da fayil ɗaya na bayanan asali, Excel ne ko sakamakon SPSS, manhajar da ake lissafin bincike da ita, ka sa musu kwanan wata a suna, sauran kwafin da ke yawo a filasha da WhatsApp da kwamfutar mai shagon buga takardu ka ture su gefe. In akwai `Track Changes` a kunne ka karɓi gyare-gyaren ko ka ƙi su tukuna, saboda teburin da aka goge amma ba a karɓi gogewar ba yana iya rikita lambobin take.

Sannan ka yanke hukunci ɗaya tun yanzu: idan aka samu saɓani, wa ke da gaskiya? Bayanan asali ne. Tebur yana bin bayanan asali, zane yana bin tebur, rubutu yana bin tebur. Ba a taɓa gyara tebur don ya dace da rubutu, ko da kuwa rubutun ya fi daɗin karantawa.

Fara da teburin shi kaɗai

Mutane suna tsallake wannan su tafi kai tsaye gwada rubutu da tebur, alhali teburin kansa zai iya zama da ciwo. Ɗauki kalkuleta ko ka buɗe sabon shafin Excel, ka sake buga lambobin teburin da hannunka kamar yadda suke a rahoton, ba kwafi daga fayil ɗin asali ba, don abin da ke kan takarda kake gwadawa. Sa 102, 81, 49 a `B2` zuwa `B4`, a `B5` ka sa jimilla, a gefe kuma kaso:

```
=SUM(B2:B4)
=ROUND(B2/$B$5*100,1)
```

Jimilla za ta ba ka 232. Kaso kuma 44.0, 34.9, 21.1, in ka haɗa ɗari cif. Yanzu kalli teburin rahoton, mu ce Tebur 4.3 ne. Abin da ke ciki shi ne 42.5, 33.8, 20.4, a ƙasa kuma an rubuta jimilla 232 da kashi 100. Haɗa su: 42.5 da 33.8 da 20.4 sun ba da 96.7. Ina sauran 3.3? Su ne mutum takwas ɗin nan da ba su amsa ba.

Ga abin da ya faru, kuma wallahi shi ne kuskuren da ya fi yawa a furojet ɗin ɗalibai. SPSS in ya fitar da teburin ƙidaya yana ba da layukan tsaye guda huɗu: `Frequency`, `Percent`, `Valid Percent`, `Cumulative Percent`. `Percent` yana raba wa da duk mutanen da ke cikin fayil, wato 240, har da waɗanda ba su amsa ba. `Valid Percent` kuma yana raba wa da waɗanda suka amsa kaɗai, 232. Mai rahoton ya kwashi `Percent` ya zuba a tebur, ya jefar da layin waɗanda ba su amsa ba don bai yi masa kyau ba, sannan ya buga 100 a ƙasa da hannu tunda ai kowane tebur da 100 yake ƙarewa. Dukansu biyun lissafi ne na gaskiya, 42.5 daidai ne a kan 240, 44.0 daidai ne a kan 232, laifin shi ne haɗa kason wannan da jimillar wancan. Gyaran hanya biyu ce, ko ka dawo da layin "ba su amsa ba, 8, 3.3" jimilla ta koma 240, ko ka bar 232 ka sa 44.0, 34.9, 21.1. Ni na fi son ta biyu idan tambayar ita ce "cikin masu amsa wa ya fi yawa", amma duk wadda ka ɗauka ka riƙe ta a duk teburorin rahoton, kuma ka rubuta adadin mutanen a take ko a ƙasan tebur.

Ba kowane saɓani ne kuskure ba fa. In ka raba mutum 240 gida uku, 80 kowanne, kaso zai zama 33.3 sau uku, jimilla 99.9. Wannan cike lamba ne ya jawo, kar ka ƙara wa wani gida 0.1 don ya kai ɗari, ka bar shi ka sa ɗan bayani a ƙasa cewa saboda cike lamba jimilla ba lallai ta kai 100 cif ba. Ma'aunin da nake amfani da shi: teburi mai layi uku zuwa biyar da ɗigo ɗaya, in jimilla ta kauce da 0.1 ko 0.2 babu damuwa, in ta kauce da ɗaya ko fiye akwai abin da ya ɓace ko aka ƙirga sau biyu. Sai dai tambayar da aka yarda mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, wannan kam kaso zai wuce ɗari kuma daidai ne, amma dole a faɗa a ƙasan teburin.

Teburin da ke da jimilla ta kwance da ta tsaye, misali maza da mata a kan hanyoyin biyan nan uku, ka haɗa ta ɓangarorin biyu, lambar da ke kusurwar ƙasa dole ta fito iri ɗaya ko ta ina ka biyo. Kuma in a Excel aka yi lissafin ka duba ko an bar `Filter` a kunne, domin `SUM` yana haɗawa har da layukan da tacewar ta ɓoye, kai kana ganin layi ashirin shi yana ƙirga ɗari biyu.

Fito da kowace lamba da ke cikin rubutu

Yanzu ka yi kwafin rahoton na dubawa kawai. A Word danna `Ctrl+H`, ka buɗe `More`, a akwatin nema ka sa na farko, a akwatin musanyawa ka sa na biyu:

```
^#
^&
```

Na farkon yana nufin kowane alƙalami daga 0 zuwa 9, na biyun yana nufin a bar abin da aka samu yadda yake. Kana cikin akwatin musanyawa ka danna `Format` ka zaɓi `Highlight`, sai `Replace All`. Ka tabbata ka riga ka zaɓi kala a alƙalamin haskakawa kafin nan, in ba haka ba ba za ka ga komai ba. Duk wata lamba a rahoton za ta yi ruwan ɗorawa. In da hali ka buga wannan kwafin a takarda, ko da babin sakamako da taƙaitawa da kammalawa ne kaɗai, dubawa da biro a hannu ta fi ta kan waya nesa ba kusa ba, a waya tebur ba ya ma fitowa gaba ɗaya sai kana ja hagu da dama.

Sai ka buɗe ɗan rajista, a Excel ko a bayan takarda, mai gida biyar: shafi, abin da rubutu ya ce, teburin ko zanen da ya fito daga ciki, abin da teburin ya ce, hukunci. Kowace lamba mai kala layi ɗaya. Shekarun littattafan da aka ambata da lambobin shafi ka wuce su, ba su muke nema ba. Aikin kamar sauke tirelar albasa ne, ba ka sa hannu a webil sai ka ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya.

A misalinmu, a ƙarƙashin Tebur 4.3 rubutu ya ce kashi 44 cikin ɗari na 'yan kasuwa 240 suna karɓar tsabar kuɗi. Ga dabarar da ke kama irin wannan nan take: mayar da kaso zuwa mutane. Kashi 44 na 240 shi ne 105.6, alhali tebur ya ce 102. Gwada da 232, ka samu 102.08, ya zauna. Kenan kason daidai ne, adadin da aka jingina shi da shi ne ba daidai ba, maganar ya kamata ta zama kashi 44 na mutum 232 da suka amsa tambayar. Duk inda ka ga kaso da adadin mutane a magana ɗaya ka yi wannan ninkawar, sakan goma ne.

Ka leƙa taƙaitawar farko, can kuma an rubuta an yi binciken a kan 'yan kasuwa 250. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, 250 aka raba wa, amma mai karatu zai ɗauka kason da ya biyo baya a kan 250 aka yi shi. Taƙaitawa da kammalawa su ne wuraren da tsofaffin lambobi ke ɓuya, kuma su ne waɗanda mai jarrabawa ko shugaba ke fara karantawa, wani ma su kaɗai zai karanta. Don haka in an zo gyara, duk lambar da ka gyara a babi na huɗu, wato babin sakamako, kafin ka matsa ka danna `Ctrl+F` ka nemi tsohuwar lambar a duk rahoton. Ka neme ta ta kowace siga da za a iya rubuta ta, 42.5 da 43 da 42, don wani wurin an cike ta wani wurin an datse ta.

Lambar da ba ta cikin kowane tebur

Wani lokacin za ka ci karo da lamba a rubutu ka duba tebur sama da ƙasa babu ita. Yawanci lissafi ne mai rubutun ya yi daga lambobin tebur, dole kai ma ka sake yin sa. Misali rubutu ya ce kashi 56 ba sa dogara da tsabar kuɗi. Haɗa 81 da 49, 130, raba da 232, 56.0. Ya yi. A rajista ka rubuta yadda ka samo ta, don gobe in an tambaya a difens kar a tsaya inda-inda.

Inda aka fi zamewa shi ne maganar ƙari da ragi. A ce Tebur 4.6 ya nuna a da mutum 58 ne cikin 232 ke karɓar taransfa, kashi 25.0, yanzu 81, kashi 34.9. Rubutu ya ce masu karɓar taransfa sun ƙaru da kashi 9.9 cikin ɗari. A'a. Tazarar da ke tsakanin kason biyu ita ce maki 9.9, amma ƙaruwar mutanen ita ce 23 a kan 58, wato kashi 39.7. Abu biyu ne daban kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Hanya mafi sauƙi wadda ba ta rikita kowa ita ce a rubuta "daga kashi 25.0 zuwa kashi 34.9" shikenan. Lura da wani abu kuma, in ka yi lissafin da lambobin da aka riga aka cike, 9.9 a kan 25, za ka samu 39.6, in ka yi da ainihin mutane 39.7. Kullum da ainihin adadi ake lissafi, cikewa sai a ƙarshe.

Akwai kuma lambobin da aka rubuta da kalmomi, waɗanda kalar ba za ta taɓa ba: rabi, mafi yawa, ninki biyu, kusan kowa, ɗaya bisa uku, kaɗan ne. Waɗannan sai ka sa ido da kanka ko ka neme su da harshen da aka rubuta rahoton. Babin kammalawa ya ce mafi yawan 'yan kasuwar tsabar kuɗi suke karɓa. Kashi 44 bai kai rabi ba, tsabar kuɗi ita ce ta zo ta ɗaya a cikin hanyoyin uku, amma in ka haɗa taransfa da POS sun fi ta, to maganar ma ta juya sakamakon binciken ne baki ɗaya. Wata maganar ta ce masu tsabar kuɗi sun ninka masu POS, 102 da 49, eh ya ɗan haura ninki biyu, wannan a bar shi.

In rahoton na kuɗi ne ka kalli kan teburin da kyau. Idan an rubuta ₦'000 a sama, 1,250 a ciki naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ce, na sha ganin inda rubutu ya ɗauko ta a matsayin ₦1,250 ko ya mai da ita miliyan 12.5. Haka buhu da kilo, kwando da kiret, wata da shekara.

Zane

Zane ya fi komai yaudara don yana da kyau a ido ba wanda ke zarginsa. Fara da danna shi da maɓallin dama na linzami. In ka ga `Edit Data` zane ne mai rai, kana iya buɗe lambobin da ke bayansa ka gwada da tebur, sai dai in an haɗa shi da fayil ɗin Excel da ke wata kwamfutar, nan zai ƙi buɗewa. In ba ka ga `Edit Data` ba hoto ne kawai aka liƙa, kuma hoto ba ya canzawa komai gyaran da aka yi wa bayanai daga baya.

A namu, Zane 4.2 hoto ne, a saman sandunan an rubuta 105, 83, 50. Tebur ya ce 102, 81, 49. Haɗa na zanen: 238. Bambancinsa da 232 shida ne. Irin wannan bambancin da ya bazu a duk sandunan kaɗan-kaɗan, uku nan biyu nan ɗaya can, ba kuskuren buga lamba ba ne, alama ce zanen daga tsohon fayil ya fito. In ka tambaya za ka ji an shigar da takarda shida sau biyu, fayil ya nuna 246, daga baya aka gano aka goge, aka sake tebur aka manta da zane. Da lamba ɗaya ce ta bambanta, kamar 18 a maimakon 81, sai mu ce yatsa ne ya juya ta. Maganin tsohon zane ba shi ne a rufe lambobin da farin akwati a rubuta sababbi ba, tsawon sandunan zai ci gaba da nuna tsohon lissafi, a sake zana shi daga fayil ɗin da aka tsayar.

In zanen ba shi da lambobi a kan sanduna ka sa masa `Data Labels` ko da na ɗan lokaci ne. Sannan ka duba abu uku da sauri. Abin da ke gefen zanen adadin mutane ne ko kaso, kuma shi take ya ce? Ma'aunin gefe daga sifiri ya fara? Excel yakan ɗaga mafarin da kansa idan lambobin suna kusa da juna, sai sandar 52 ta yi kamar ta ninka ta 48, rubutu kuma ya biye wa ido ya ce bambancin babba ne. Na uku sunayen kaloli, ka tabbata kalar da aka ce taransfa ita ce sandar da ke da 81, don in an sake jera layukan tebur sunayen sukan sauya wuri. Kuma in baƙi da fari za a buga, shuɗi da kore da ja duk toka-toka suke komawa, sai mai karatu ya kasa gane wanne ne wanne, gara a sa sunan a jikin kowace sanda.

Take da lambar take

Kowane take ka karanta shi kamar magana ce da za a iya ƙaryatawa. Taken Tebur 4.3 ya ce hanyoyin karɓar kuɗi a kasuwannin Mile 12 da Agege, adadi 240. To teburin na Mile 12 ne kaɗai, kuma 232 ne. Irin wannan yana faruwa ne idan an kwafi taken wani tebur aka canza rabi aka bar rabi. Abin dubawa a take: me ake aunawa, su wa, ina, wace shekara, mutum nawa, da wane ma'auni. Layin da ke faɗin inda bayanan suka fito a ƙasan tebur shi ma ka gwada shekararsa da wadda aka faɗa a babin hanyar bincike.

Sai jerin lambobi. Bi teburorin a jere ka ga 4.1, 4.2, 4.3 babu tsallake babu maimaici, zanuka ma haka. Daga nan ka nemi kalmar `Table` da `Figure` da `Ctrl+F`, ko Tebur da Zane in da Hausa aka rubuta, duk inda rubutu ya ce "duba Tebur kaza" ka je ka ga ko da gaske shi ne. Da zarar an cusa sabon tebur a tsakiyar babi duk na bayansa sun matsa da ɗaya, in da hannu aka buga lambobin rubutu zai ci gaba da aika mutane Tebur 4.2 alhali maganar tana 4.3. Ka duba ta ɗaya gefen ma, tebur ko zanen da babu inda rubutu ya ambace shi, ko a ambace shi ko a cire.

Wanda ya yi amfani da `Insert Caption` da `Cross-reference` a ƙarƙashin `References` ya huta da rabin wahalar, sai dai lambobin cikin rubutu ba sa sabunta kansu nan take. Danna `Ctrl+A` sannan `F9`, in ya tambaya game da jerin teburori ka zaɓi `Update entire table`. A wasu laftof sai ka haɗa da `Fn`. Bayan nan ka nemi wannan a duk rahoton:

```
Error! Reference source not found.
```

In ya fito, an goge taken da wurin ke nuni gare shi, sai ka sake haɗawa. Taken da aka sa cikin akwatin rubutu mai yawo a kan zane `Ctrl+A` ba ya kama shi, sai ka shiga akwatin ka danna `F9` daban. Ƙarshe ka gwada jerin teburori da zanuka na farkon rahoto da ainihin taken da shafukansu.

Gyara, da dubawar ƙarshe

Kar ka riƙa gyara kana cikin dubawa, ka gama cike rajistar tukuna, saboda sau da yawa kuskure biyar tushensu ɗaya ne, kamar rikicin 240 da 232 ɗin nan da ya taɓa tebur da take da rubutu da taƙaitawa. In ka gama sai ka gyara a jere, tebur, zane, take, rubutun babin, kammalawa, taƙaitawa. In rahoton ba naka ba ne, aiki aka kawo maka, kuskuren yatsa kana iya gyarawa, amma zaɓi tsakanin `Percent` da `Valid Percent` ko canza "mafi yawa" na mai rahoton ne, ka tura masa rajistar ka ce Malam ko Hajiya ga abin da na gani a shafi kaza, wanne za a bi.

In ka samu mutum na biyu ku zauna minti talatin, kai kana karanta lambar rubutu da ƙarfi shi yana riƙe da tebur yana amsawa, alƙalami ɗaya-ɗaya, "ɗaya, sifiri, biyu", kunne yana kama juyin 81 da 18 da ido ya saba da shi.

Sannan ka mayar da rahoton PDF a kwamfutarka kafin ka kai Shomolu, unguwar masu buga takardu a Legas, ko shagon bakin makaranta, kar ka ba da fayil ɗin Word, don a wata kwamfutar rubutu yana iya zamewa, take ya tsaya a ƙasan shafi teburinsa ya tsallaka na gaba, ko lambobin shafi su daina dacewa da jerin farko. Buɗe PDF ɗin ka sake neman tsofaffin lambobin da ka kashe, 42.5, 105, 238, 246, ka sake neman `Error!`, ka kalli kowane tebur mai faɗi ko layinsa na ƙarshe na dama bai yanke ba. Ka ce a fara buga maka kwafi ɗaya ka duba zanukan a takarda, in sun fito ana bambance sandunan sannan a buga sauran a yi bayindin.